Rabin Mintin Mai Inji

Idan ka ji mace ta ce "sannu da zuwa" har tantabarun kan rufi suka tashi, to Mai Inji ce. Ba faɗa take ba, kuma ba ranta ne a ɓace ba, haka muryarta take. Baƙo kan ja da baya in ta gaishe shi, 'yan layin kuwa sun saba, har jariransu ba sa farkawa.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin layi, rufin kwano, taga ɗaya mai ƙarafuna, ƙasa da bango duk sun yi fari da ƙurar gari. A tsakiya injin dizal yake zaune kan dakalin siminti, baƙi wuluk, da dogon bel da ke juya injin niƙan. Na mahaifinta ne. Tana yarinya take tsayawa kan bulo tana tura masa hatsi a mazurari, kuma da ƙarfin mahaifin ya ƙare duk cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta iya murɗa hannun injin ya tashi. Maza biyu ne a gidan, amma ɗaya ya ce hayaƙi na sa shi tari, ɗayan ya ce shi karatu ya yi. Sai ta ɗaura ɗankwali ta karɓi shago. Yau shekara ashirin da wani abu ke nan, a nan ta yi goyo, a nan ta yaye, da niƙan garin mutane ta ciyar da yara huɗu har suka kama gabansu.

In inji ya tashi, magana ta mutu a ɗakin nan. Mai kawo niƙa sai ta ɗora roba a layi, Mai Inji ta dube ta ta wurga kalma ɗaya: "Laushi?" Ta maimaita: "Laushi?" In ɓarza ake so, mace ta girgiza kai ta murza yatsu. Shi ke nan an gama ciniki. Amma da yamma in ta kashe inji ta koma gida, duk maganar da aka danne mata tun safe sai ta fanshe ta. Ka tambaye ta ina ta ajiye ashana, za ta faro maka daga ranar da aka buɗe kantin da ta saye ta.

Allah da ikonsa, mijinta mai gyaran agogo ne. Mutum ne da ke wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana riƙe numfashi kada ya hure wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba. In ya yi magana sau biyar a rana, an ce yau Malam ya yi surutu. Dangi sun daɗe suna tsokanar cewa an raba musu murya ɗaya ne, ita ta kwashe duka.

Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne kunnenta na hagu ya tafi. Shi ne ɓangaren da ke fuskantar injin in ta tsaya a bakin mazurari. Da farko ƙugi yake yi in ta kwanta, daga baya ya yi shiru kawai. Ta tafi asibiti ita kaɗai, ta ce wa Malam awon jini za ta je. Likita ya sa mata wani abu a kai ya yi ta danna maɓalli, sannan ya rubuta a takarda ya kuma faɗa da baki: na hagun ba zai dawo ba, na daman ma ya soma bin sawu. Audugar da take cusawa a ƙarƙashin ɗankwali jinkiri kawai take kawowa. Ko ta rabu da wannan injin, ko injin ya raba ta da jin muryar jikokinta.

Ta fito daga asibitin ta zauna a kan benci ta yi kuka, sannan ta share fuska ta koma ta tayar da inji, don mata na jira. Ina za ta je? Ba ta iya ɗinki ba, ba ta iya zaman banza ba, kuma ba ta so a riƙa cewa "a ɗaga murya, kurmar ce." Tsoron wannan kalmar ya fi komai ci mata rai. Sai ta koyi kallon baki. In mutum na magana ta kafe leɓensa da ido, abin da kunne ya zubar ido ya tsince, in duka biyun sun gaza ta yi dariya ta ce "Allah ko?" Da wannan "Allah ko?" ta rufe ramuka masu yawa.

Ƙanwarta, autar gidansu, malamar makaranta ce, irin mutanen da ba sa ganin sanarwa su wuce. Ita ta zo da labarin wata ƙungiya da ke ba masu niƙa injin lantarki mai aiki da hasken rana, a maimakon na dizal. Ba hayaƙi, ba murɗa hannu, kuma rurin da ke girgiza bango ya tafi, sai ƙarar niƙan kanta da ba ta kai ta kawo ba. Auta saboda tsadar mai ta kawo maganar. Mai Inji kuwa da ta ji "ba shi da ƙara sosai," sai da ta nemi wuri ta zauna.

"Yaya, na riga na sa sunanki," in ji Auta. "Amma injinan kaɗan ne, masu nema da yawa. Za a yi taro ta waya, kowa ya gabatar da kansa, daga nan su zaɓi shagunan da za su zo su duba. Wanda ba a zo shagonsa ba, ba ya ciki."

"Taro ta waya? Su wa za su zo?"

"Ba wanda zai zo. Kowa yana inda yake. Za ki gan su a fuskar waya, su ma su gan ki."

"Na san su?"

"Ko ɗaya. Kuma minti ɗaya aka ba kowa."

"Minti ɗaya!" Sai da kajin tsakar gida suka watse. "Ke Auta, a minti ɗaya ko gaisuwa an gama?"

Malam, da ke gefe yana goge bayan wani agogo, ya ce a hankali, "Minti ɗaya da yawa. Mutane ne ba su san tsawonsa ba."

"Kai ai rabin minti ma ya ishe ka maganar mako guda," in ji ta.

Aka shiga gwaji. Auta ta tsara mata jawabi mai kyau: gaisuwa ga shugabanni, godiya ga ƙungiya, tarihin shago, yawan gidajen da ke kawo niƙa, tsadar mai, fatan alheri. Malam ya ɗora agogo a gwiwa. Karo na farko lokaci ya cika tana kan gaida mahalarta da iyalansu. Na biyu ta kai ga mahaifinta, ta tsaya yi masa addu'a. Suka yi ta yankewa har jawabin ya shiga cikin minti da ƙyar, kamar ƙafa a takalmin aro. Maganar kunne babu ita a ciki. Auta ba ta sani ba, ita kuwa Mai Inji ta gwammace ta haɗiye harshenta da ta faɗi wannan a gaban baƙi.

Ranar taron aka tashi da ruwa. Wayar Mai Inji ƙarama ce mai maɓallai, ta Malam kuma ta tsufa, don haka Auta ta kawo tata kafin ta wuce makaranta. A gida sabis ba ya kamawa, sai a tagar shago, nan ne sandunan sabis ɗin ke kai biyu in an yi sa'a. Suka jingina wayar da gwangwanin man shafa wa inji a kan tagar, suka jawo benci. Auta ta danna saƙon da aka turo, ta nuna wa Malam komai da sauri: wannan alamar makirufo ce, in da jan layi a kanta ba a jin ku, wannan ta kyamara, in kuna son magana ga inda ake ɗaga hannu, ga akwatin rubutu. Ta miƙa musu iyafis mai igiya, abin sauraro na sawa a kunne, ta ja mayafi ta fita da gudu, don ita ke da darasin farko.

Mai Inji ta ɗauki kunne ɗaya na iyafis ta cusa a dama. Ɗayan ta bar shi yana lilo. Malam ya ɗauka ya sa a nasa kunnen, ya matso har kafaɗunsu suka haɗu. Rabon da su zauna kusa haka da rana tun suna ango da amarya.

A waje mata sun fara jera robobi a ƙarƙashin rumfa. Ta leƙa ta ce musu yau sai an ɗan jima, tana da taro. Ba su tafi ba. Ruwa ake yi, kuma wa zai bar kallon Mai Inji da igiya a kunne?

An daɗe ana jira kafin a shigar da su. Sai fuskar wayar ta rabu ƙananan akwatuna, kowanne da kan mutum a ciki: wani dattijo da hancinsa ya cika akwatin, wata mata da yaro a cinya, wani da ba a ganin komai nasa sai silin da fanka. Mutum talatin da 'yan kai, duk masu niƙa, ba wanda ya san wani. Wata budurwa mai tabarau ce ke jagorantar taron. Muryarta na zuwa a gutsure, kalma biyu su fito, uku su nutse, ga ruwa na dukan kwano a sama. Amma Mai Inji ta kafe leɓenta da ido ta haɗa zancen: an makara, lokacin da aka ba taron ƙayyadadde ne, in ya cika zai yanke da kansa. Saboda haka kowa rabin minti.

"Rabin minti ta ce?" Ta dubi Malam. Ya gyaɗa kai. Takalmin aron nan yanzu an ce a sa ƙafa biyu a cikin guda.

Aka fara kira. Dattijon mai hanci ya cinye rabonsa yana "Ana ji na? Halo? Ana ji na?" Ana jin sa sarai, shi ne amsar ke isa masa a makare. Wani ya soma gaida shugaba da mataimaki da duk masu ruwa da tsaki, aka gode masa kafin ya faɗi ko me yake niƙawa. Wata ta yi ta magana da hannu da baki, makirufonta a rufe, mutum biyar suka buɗe nasu a tare don su gaya mata, zakaran gidan wani ya yi cara a tsakiyar taro. Mai Inji ta so ta yi dariya, amma ta tuna ita ma za a zo kanta.

Sai jagorar ta ce wani abu, kuma akwatunan suka fara yin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Fuskar budurwar ma ta ɓace, sai suna a rubuce.

"Me ya faru? Ta mutu ne?" Wayar take nufi.

"Cewa ta yi kowa ya kashe kyamara," in ji Malam, "wai hoton ne ke cinye sabis, in an kashe murya za ta fi fita."

Gaskiya budurwar ta faɗa, kuma ga kowa hakan sauƙi ne. Ga Mai Inji kuwa an ɗauke mata rabin jinta ke nan. Ba leɓe, ba fuska, sai wani ƙaras-ƙaras a kunne ɗaya da ruwa a kan kwano. Ta danna iyafis ɗin da yatsa har kunnen ya yi zafi. Tana jin ana magana, amma ba ta san me ake cewa ba, kuma a nan ba inda za ta sa "Allah ko?" Tsoro ya kama ta sosai. Ta ce kada a kashe tasu kyamarar, don a ganinta rashin ladabi ne ka yi wa mutane magana a ɓoye.

Ana cikin haka Malam ya ji ana kiran wani suna. "Autar Mama. Autar Mama, ke ce a layi." Aka yi shiru. "Autar Mama?" Har ya fara jin haushin wannan yarinyar da ke ɓata wa mutane lokaci, sai idonsa ya sauka kan ɗan rubutun da ke ƙarƙashin akwatinsu. Sunan da Auta ta sa wa kanta a waya ne, ba wanda ya tuna a canza. Ya dafa gwiwar matarsa da sauri.

"Mu ne. Ke ake kira."

"Ni? Da wane suna?"

"Yi magana dai!" Ya danna makirufo. Rabonsa da ɗaga murya haka har ya manta.

Ta gyara zama ta fara daga inda aka koya mata. Ta yi sallama, ta gaida shugabannin ƙungiya, ta gaida 'yan uwa masu sana'a. Ɗan makirufon da ke jikin igiyar ya shige ƙarƙashin mayafinta yana gogar yadi. Hotonta ya daskare a fuskar wayar, baki a buɗe. Ba ta ji kowa ya amsa ba, sai ta tsaya. "Kuna ji na?" Daidai lokacin muryar jagorar ta iso, ta yi shiru don ta saurara, jagorar ma ta yi shiru, sannan suka fara a tare. Abin da Malam ya ji na ƙarshe shi ne: "Autar Mama, ba ma jin ki ko kaɗan, ki yi haƙuri. Na gaba." Jan layi ya koma kan makirufon.

Ita ba ta ji wannan ba. Ta ci gaba, ta kai ga mahaifinta da shekarun shago, sai da Malam ya sake dafa ta.

"An wuce mu."

Ta dube shi. "Sun ji?"

"Ba su ji ba."

Ta zare iyafis ɗin ta ajiye a cinya. Ta juya ta kalli injin da ke kan dakalinsa, baƙi, yana ɗigar mai a tsumma. Shi ke nan, ashe da shi za a ƙare. Ba ta yi kuka ba, don mata na bakin ƙofa.

Malam bai zare nasa ba. Mai gyaran agogo in abu ya tsaya ba ya jefar da shi, buɗe bayansa yake ya duba. Ya lalubo alamar ɗaga hannu ya danna. Ya kashe kyamara ba tare da ya nemi izininta ba. Ya zaro igiyar daga cikin mayafinta, ya riƙe ɗan makirufon tsakanin yatsu biyu. Sannan ya zauna yana sauraren sauran mutane har aka kai na ƙarshe. A saman wayar wani rubutu ya fito cewa taron ya kusa yankewa.

"Ta ce akwai hannu uku a sama," ya faɗa mata, bakinsa dab da kunnenta na dama. "Mu ne na biyu. Ta ce ba rabin minti yanzu, numfashi ɗaya kowa."

"Numfashi ɗaya me zai ɗauka, Malam?"

"Ke kika sani. Ba ke ce ke ciniki inji na ruri ba?"

Ta dubi injin. Gaskiya ne, budurwar can da ke cikin waya ba ta da bambanci da mace mai roba a tsaye gefen bel. Ita ma a cikin ƙara take. A nan ba a gaisuwa, ba a tambayar "kin ji?", babba ake fara jefawa, a maimaita, don wutsiyar magana kullum inji ke cinye ta. To mene ne babban? Ta duba jawabin Auta a ranta. Tsadar mai, kowa a taron nan ya faɗa. Yawan gidaje, kowa na da su. Da ta cire duk abin da wani zai iya faɗa, abu ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda ta rantse ba za ta faɗa ba. Ta dubi ƙofa. Ga Iya, tsohuwar bayan layi, a gaba da robar geronta, ga sauran a bayanta sun miƙo wuya.

Malam ya danna, ya kawo makirufon kusa da bakinta, ya dafa gwiwarta. Ta mayar da iyafis a kunne, ta rufe ido.

"Mai niƙa ce ni," ta ce, kalma kalma, da muryar shago. "Injin dizal ya cinye min kunne ɗaya. Kunne ɗaya. Saura ɗaya, shi ma ya fara tafiya. Ina so in ci gaba da niƙa, in tsira da ɗayan. In tsira da ɗayan. Ba ni ce Autar Mama ba, sunana..."

Sandunan sabis suka faɗi. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar wayar. Sunan nata bai tafi ko'ina ba, ya tsaya a cikin shago.

Suka zuba wa zoben ido. Ruwa ya ɗan lafa. A bakin ƙofa ba wadda ta yi tari. Mai Inji ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa, ta yi asara biyu ke nan: baƙin ba su ji ba, 'yan layi sun ji. Sai zoben ya ɓace, akwatunan suka dawo, ƙaras-ƙaras ɗin ya dawo kunnenta. Ta ga fuskar Malam ta canza.

"Me take cewa? Malam, me take cewa?"

Ya ɗaga mata hannu ta jira. Sannan ya juyo gaba ɗaya yadda za ta ga bakinsa, ya faɗa a hankali.

"Ta ce: baiwar Allah mai kunne ɗaya, mun ji ki. Sunan ne bai shigo ba. A rubuta sunan da aka yi rajista da shi da lambar waya a akwatin rubutu, yanzu, kafin a yanke. Shagonki na cikin waɗanda za a zo a duba."

Bai jira amsarta ba. Ya ɗauki wayar, yatsun nan da ba sa rawa ko a cikin agogon mata suka bi harufa ɗaya bayan ɗaya, suna, lamba, ya tura. Jagorar ta rubuto "An gani." Ta fara godiya ga mahalarta, tana tsakiyar kalma taron ya yanke da kansa.

Mai Inji ta zare iyafis ɗin daga kunne. Ba a ba ta inji ba tukuna, ta sani, za a zo a duba rufi ko zai ɗauki farantan hasken rana, a duba ɗakin, a yi tambayoyi. Amma ƙofar da ta ji an rufe ɗazu a buɗe take, kuma wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka, har ta ji wuyanta ya yi sakayau.

"Malam," ta ce, kuma wannan karon da ƙyar muryar ta kai bango, "ka ji abin da na faɗa."

"Na ji."

"Ba ka yi mamaki ba."

Ya naɗe igiyar iyafis a yatsa, ya sa a aljihu. "Ni da nake kwana da ke a ɗaki ɗaya? Agogon bango yakan buga kina kwance kan dama, ko motsi ba kya yi. Na bar ki ne ki faɗa da bakinki."

Ta so ta yi masa faɗa, ta so ta yi dariya, aka rasa wanda zai fara fitowa, sai hawaye suka riga su. Ta sa gefen mayafi ta goge, garin da ke jikin yadin ya bar mata fari a kumatu.

Saura mata. Ta miƙe ta nufi ƙofa, ta shirya wa kallon tausayi da "wayyo, sannu." Iya ce ta fara shigowa, tana jan ƙafa, robar gero a kai. Ba ta tsaya a gabanta ba. Ta zagaya ta bayan benci, ta zo ta ɓangaren dama, ta sauke robar, ta kama hannunta ta jawo ta ƙasa daidai tsawonta.

"'Yar nan," in ji Iya, "da kin faɗa tuntuni ai da kin hutar da ni. Shekara nawa ina ce miki ɓarza kina yi min laushi, ina kai wa gida ina cewa ni na canza ra'ayi."

Matan bakin ƙofa suka fashe da dariya, Mai Inji ta taya su har ta dafa bango. Wata ta ce a tayar da inji mana, yara na jira. Iya ta juya ta harare ta.

"Ba inda gari zai gudu. Ku bar ta ta zauna tukuna."

Sai ta zauna a bakin ƙofar, Iya a damanta, injin a kashe a bayansu. Ruwan ya tsaya. Daga bakin kwano ɗigo na sauka cikin bokitin da aka tara, can ƙarshen layi wata uwa na kiran ɗanta ya zo ya sa takalmi. Mai Inji ta karkata kai, a gaban kowa, ta saurara har yaron ya amsa.